Ɗana ya nuna zabiya da yatsa a cikin adaidaita sahu: me ya kamata in ce?

"Assalamu alaikum Malama. Ranar Asabar na dawo daga Kasuwar Rimi da ɗana mai shekara huɗu, muka shiga adaidaita sahu, sai muka tarar da wata baiwar Allah zabiya a ciki. Yana zama ya ɗaga murya ya ce: 'Umma, kalli Baturiya! Me ya sa idonta yake rawa?' Kunya ta kama ni, na mintsine shi na ce ya rufe mini baki. Matar ta kau da kai, har ta sauka ba wanda ya ƙara cewa uffan. Tun daga ranar abin yake damuna. Me ya kamata in yi a lokacin, kuma me zan faɗa masa yanzu?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na daɗe ina koyar da yara 'yan shekara uku zuwa shida a makarantar rainon yara, kuma ni ma uwa ce, don haka na san zafin da fuskarki ta ɗauka a wannan lokacin. Abin da zan fara gaya miki shi ne, mutum biyu ne suke sauraron amsar da uwa za ta bayar a irin wannan wuri: yaron da ya yi maganar, da wadda aka yi maganar a kanta. Matar nan ta sha jin yara suna ce mata Baturiya tun tana ƙarama, kuma abin da ya fi tsaya wa irinta a rai sau da yawa shi ne abin da babba ya yi bayan yaron ya yi magana. Idan uwa ta firgita, ta mintsini yaro, ta ja shi jikinta, matar za ta fahimci cewa ita abar kunya ce da ba a ambata, yaron kuma zai ɗauki darasi iri ɗaya, wato akwai wani abin tsoro ko abin ƙi a jikin wannan mata wanda har ya jawo masa duka. Duk abin da zan faɗa a ƙasa an gina shi ne a kan yadda za ki amsa wa su biyun da magana ɗaya.

Abin da ke cikin kan ɗan shekara huɗu

Yaro a wannan shekarar yana cikin aikin rarraba duniya gida-gida: wannan babba ne, wannan ƙarami, wannan mace, wannan namiji, wannan fari, wannan baƙi. Da ya ga farar fata da gashin gira mai ruwan zuma, sai ya duba cikin kalmomin da ya mallaka, ya ɗauko wadda ta fi kusa, wato Baturiya. A wurinsa wannan magana daidai take da "Umma, kalli raƙumi" ko "kalli jirgi", kuma ya faɗe ta da ƙarfi ne domin haka yake faɗar duk abin da ya ba shi mamaki, kuma ke ce kika saba yaba masa idan ya lura da abu.

Akwai wani ɗan gwaji da masana tunanin yara suka daɗe suna yi, wanda nakan nuna wa iyaye a aji domin su gani da idonsu. Ina ɗaukar kwalin ashana in zubar da ashanar in zuba ƙananan duwatsu a ciki. Sai in tambayi yaro me ke ciki, ya ce ashana. In buɗe ya ga duwatsu, in rufe, sannan in ce masa: "Idan abokinka ya shigo yanzu, bai ga mun buɗe ba, me zai ce yana ciki?" Yawancin 'yan shekara uku sukan ce duwatsu, domin a ganinsu abin da suka sani kowa ya san shi. Sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yawancinsu suke fara cewa ashana, wato sun fara gane cewa abin da ke cikin kan wani daban yake da nasu. Ɗanki yana kan wannan gaɓar ne. Wanda yanzu ne yake fahimtar cewa abokinsa bai san abin da ke cikin kwali ba, ba zai iya lissafa cewa matar da ke gefensa ta ji irin maganarsa sau ɗari kuma ta gaji da ita ba. Kara da kawaici, waɗanda muke alfahari da su, abubuwa ne da ake koya sannu a hankali ta hanyar kallon manya.

Kallon manyan nan shi ne abu na biyu. Tun yaro yana wajen shekara ɗaya, idan ya ga abin da bai sani ba, fuskar uwarsa yake dubawa kafin ya yanke shawarar ya matsa ko ya ja da baya. Don haka kafin ki buɗe baki, fuskarki da hannunki sun riga sun ba shi amsa. Idan kika saki fuska kika bar muryarki a inda take, kin riga kin gaya masa cewa babu haɗari a nan.

Rabin minti a cikin adaidaita

Abin da ake bukata a wurin bai wuce jimla uku ko huɗu ba. Bari in sake gina ranar Asabar ɗin kamar yadda zan so ta kasance. Yaro ya ce kalli Baturiya. Ki ɗora hannunki a kan yatsan da ya miƙa ki saukar da shi a hankali, ba da fizga ba, ki ce da muryar da kike hira da ita: "Ba Baturiya ba ce, Bahaushiya ce kamarmu, haka Allah ya halicci fatarta. Gaishe ta mana." Sannan ke ki fara, ki dube ta ki ce: "Sannu Hajiya, ina wuni? Ki yi haƙuri, yaro ne." Idan ya sake dawo da maganar ido, ki ce masa: "Tambaya ce mai kyau, idan mun je gida zan yi maka bayani." Shi ke nan, sai ki ci gaba da abin da kuke yi.

Kowace jimla a nan tana da aikinta. Ta farko gaskiya ce gajeriya wadda za a iya faɗa a gaban matar ba tare da ta sosa mata rai ba, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake ba iyaye: kada ki faɗa wa yaro abin da ba za ki so mai abin ya ji ba, domin a cikin adaidaita zai ji ɗin. Saboda haka ne ma ban ce ki yi masa raɗa a kunne ba, don raɗa tare da satar kallo ta fi maganar yaron ciwo. Gaisuwa kuwa ita ce babbar dukiyar da muke da ita a nan. Yaron Bahaushe ya san wa ake gaisarwa tun kafin ya san haruffa, ana gaishe da mutum babba mai mutunci, don haka da zarar ya ce "ina wuni", ya ɗauke matar daga layin abubuwan kallo ya mayar da ita layin su Anti da su Gwaggo. Ban haƙurin kuma ya zama sau ɗaya tak. Uwar da ta yi ta maimaita "don Allah ki yafe, wallahi bai taɓa yin haka ba, na ji kunya" ta ɗora wa matar aikin lallashinta, alhali ita aka yi wa. Alƙawarin bayani a gida shi ne yake koya wa yaro cewa tambayarsa halak ce amma tana da wuri da lokaci, sai dai dole a cika shi a ranar, in ba haka ba gobe ba zai yarda ya jira ba.

Iyaye da yawa, da kyakkyawar niyya, sukan ce wa yaro "je ka tambaye ta da kanka". Ban goyi bayan wannan ba. Matar ta fito ne ta yi cefane ko ta je aiki, jikinta ba darasi ba ne da aka ajiye wa 'ya'yanmu, kuma ba ta ci bashin bayani a wurin kowa ba. Idan ita da kanta ta yi murmushi ta ce wa yaron "zo ka ji, idona ba ya son rana ne", to ki ja bakinki ki bar ta ta faɗa da kalmominta, kada ki gyara mata, ki yi godiya idan ta gama. Idan kuma ta amsa gaisuwar a taƙaice ta kau da kai, ko ba ta amsa ba gaba ɗaya, ki bar ta. Ba ki san abin da ta ji a hanya kafin ta hau adaidaitar ba, kuma babu wata jimla, komai kyanta, da za ta tabbatar miki cewa kowa zai ji daɗi.

Akwai abu biyu da mu manya muke yi a irin wannan wuri da nake so ki kiyaye. Na farko shi ne addu'ar nan da aka ruwaito a hadisi ga wanda ya ga wanda aka jarrabta, ta gode wa Allah da ya ba shi lafiya. Malamai, ciki har da Imam Nawawi, sun yi bayanin cewa a ɓoye ake yin ta yadda mutumin ba zai ji ba, domin kada zuciyarsa ta ƙuntata. Na sha jin mata suna rangaɗa ta a bainar jama'a, ko su ce "wayyo Allah sarki" suna girgiza kai, yara kuma suna kwashewa. Na biyu shi ne miƙa sadaka ga duk wanda aka gani da sanda ko keken guragu ba tare da ya roƙa ba. Wani mahaifin ɗalibata da shan inna ya taɓa wa ƙafa yana yaro, tela ne mai shago da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa, ya gaya mini cewa babu abin da yake ƙona masa rai kamar ya tsaya jiran abin hawa wata ta ba ɗanta naira hamsin ta ce "kai wa gurgun can". Yaron da aka aika haka ya koyi cewa nakasa da bara abu ɗaya ne, kuma zai daɗe bai warware wannan ba.

Bayanin da za a yi a gida

Ba za ki iya ba yaro amsa gajeriya mai gaskiya ba sai ke kin san doguwar. Launin fata da gashi da ido yana zuwa ne daga wani sinadari da jiki yake yi mai suna melanin. Jikin zabiya ba ya yin sa, ko kuma yana yin kaɗan ƙwarai. Gado ne da ake haihuwar mutum da shi, kuma a irin wanda ya fi yawa, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar sannan yake fitowa, ko da su biyun baƙaƙe ne wuluk. Idan duka suna ɗauke da ita, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Ba a ɗaukar sa ta taɓawa ko cin abinci tare, ba laifin uwa ba ne, ba aikin aljanu ba ne, kuma bai taɓa basirar mutum ba. Melanin yana da hannu a ginin ido tun jariri yana ciki, shi ya sa yawancin zabiya ganinsu yake da rauni, haske yake damun su, kuma ƙwayar idon takan yi motsi gefe da gefe ba da nufinsu ba. Ɗanki ya lura da abu na gaskiya. Haka kuma rana tana ƙona fatarsu da sauri har ta iya kai su ga kansar fata, wanda shi ne dalilin malafa da tabarau da riga mai dogon hannu ko da ana zafi. Saboda irin ƙyamar da suke fuskanta ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni na kowace shekara, tun daga 2015, domin wayar da kai a kansu.

Ɗan shekara huɗu ba ya bukatar ko rubu'in wannan. Ki zauna da shi bayan ya ci abinci, ki fara da tambaya: "Ka tuna Antin da muka gani a adaidaita? Me ka gani?" Ki bar shi ya faɗa, domin daga bakinsa za ki ji abin da yake damun sa. Sannan ki jera hannunki da nasa da na babansa ko na yayarsa, ya ga cewa ko a cikin gidanku launin bai zo ɗaya ba. Ki ce: "A cikin fatar kowa akwai abin da yake ba ta launi. Babanka yana da shi da yawa, ni ina da shi daidai, Antin nan kuma nata kaɗan ne ƙwarai, haka aka haife ta. Shi ya sa fatarta take fara, kuma idonta ba ya son hasken rana." Idan yana zuwa Islamiyya, ki haɗa masa da abin da ya riga ya sani, cewa Allah ne ya yi kowa, kuma a Suratur Rum ya ambaci bambancin harsuna da launuka a cikin ayoyinsa.

A ƙwarewata, a ƙarƙashin "me ya sa" ta yaro akwai wasu tambayoyi uku da ba ya iya furtawa: yana yi mata ciwo, zan iya ɗauka, kuma laifi ta yi aka yi mata haka? Ta ukun ita ce ta fi ba iyaye mamaki, amma yara ƙanana suna saurin ɗauka cewa duk abin da ya sami mutum sakamakon rashin ji ne, musamman idan a gida an saba ce musu "in ka ƙi cin abinci za ka zama kamar wancan" ko "yi shiru ko in kira makahon can ya tafi da kai". Idan kaka ko 'yar aiki tana yin wannan barazanar, ki roƙe ta cikin ladabi ta daina, domin tana rushe duk abin da kika gina. Ki amsa ukun ko bai tambaya ba: ba ya yi mata ciwo sai dai rana tana damun ta, ba a ɗauka, kuma ba ta yi laifin komai ba.

Bayan wannan ne dokar take zuwa, kuma guda ɗaya ta isa: "Idan ka ga wani abu a jikin mutum kana son tambaya, ka matsa hannuna, zan san kana da tambaya, in mun dawo gida sai ka yi ta. Mutane ba sa jin daɗi a nuna su da yatsa." Ku gwada a ɗaki kamar wasa, ke ki zama fasinja, shi ya matsa miki hannu. Yara suna son irin wannan sirri tsakaninsu da uwa. Kada ki yi tsammanin sau ɗaya zai wadatar. Ɗan shekara huɗu zai manta, zai sake yi a asibiti ko a gidan biki, sai a sake tuna masa. Za ki san abin yana kama shi idan ya fara matsa hannun, ko da maganar ta riga ta kuɓuce masa. Za ki san kuma tsawar ta yi yawa idan kika ga ya daina tambaya gaba ɗaya, yana ɓuya a bayanki ko yana ƙin zama kusa da wanda kamanninsa suka bambanta.

Game da kalmomi, ki ba shi sunan abin na gaskiya. Zabiya, makaho, kurma, kalmomin Hausa ne da masu su da yawa suke amfani da su, har muna da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu a garuruwanmu, wasu kuma sun fi son a ce masu bukata ta musamman. Abin da za ki hana shi ne kiran mutum da kalmar a madadin sunansa, kamar "ke zabiya" ko "kai gurgu", kuma wannan yana cikin jifa da laƙabi da Suratul Hujurat ta hana. Ki lura da bakinki ma, domin yaron da yake jin ana ce wa wanda ya zubar da ruwa "makaho ne kai?" ya riga ya koyi cewa kalmar zagi ce.

Inda abin ya wuce son sani

Duk abin da na faɗa ya shafi yaron da yake bayyana abin da ya gani ne. Idan ɗan shekara bakwai ko takwas ne yake kwaikwayon tafiyar mai ɗingishi, ko yake bin zabiya da waƙa tare da abokansa yana kallon fuskokinsu don su yi dariya, wannan ya san abin da yake yi, kuma amsarsa daban ce: a tsayar da shi nan take da murya mai ƙarfi ba tare da duka ba, ya ba da haƙuri da bakinsa, sannan a bincika inda ya koyo. Alamar da nake dubawa ita ce inda idon yaro yake. Mai tambaya yana kallon uwarsa yana jiran amsa, mai ba'a kuwa yana kallon 'yan kallo. A ɗaya ɓangaren, idan yaro ya kai shekarun firamare yana ta faɗar irin waɗannan maganganu ba tare da alamar ya gane sun taɓa wani ba, duk da an sha yi masa bayani, kuma yana shan wahala wajen wasa da sa'o'insa, ko kuma tsoron ya kai shi ga mafarkai da ƙin fita, wannan ya wuce abin da malamar aji za ta yanke hukunci a kai, sai a kai shi wurin likitan yara ya duba.

Saura maganar mintsinin. Ki gyara ta yau, don ba ta yi nisa ba. Ki ce masa: "Ranar nan na mintsine ka a adaidaita, ban kyauta ba. Tambayarka ba laifi ba ce, kunya na ji saboda ka faɗa da ƙarfi kuma Antin tana ji." Iyayenmu ba su saba ba yaro haƙuri ba, kuma na san zai yi miki nauyi a baki, amma idan ba ki raba masa abubuwan biyu ba, shi zai ci gaba da ɗauka cewa matar ce ta jawo masa ciwon. Daga nan sai ki shiga bayanin hannuwa da launi. Idan kuma akwai zabiya a unguwarku ko a danginku, mai shago ko malama ko maƙwabciya, ki riƙa bi ta wurinta da shi kuna gaisawa kuna sayen abin da za ku saya, ya san sunanta, ita ma ta san nasa.